Takardar da ta rufe shagon Zalika

An rufe wa Zalika shagon maganin dabbobi a kasuwar Kona, aka kwashe kayan, alhali ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Ita aka yi wa.

Maƙwabciyata ce, tare muka tashi. Tun muna yara ta iya awaki. Idan akuya ta kumbura ko haihuwa ta gardama, gidanta ake aikawa. Bara masu wani poroje, wato shirin tallafa wa makiyaya, suka kai ta Tasawa tare da wasu horo na ƴan kwanaki, suka koya musu rigakafin kaji da ba da maganin tsutsa. Ranar rufewa aka yi hoto, aka miƙa wa kowa takarda mai hatimi, shugaban ya ce, "Daga yau kun zama likitoci." Wasa yake yi, amma a wajenmu duk takarda mai hatimi difulom ce. Zalika ta sa tata a gilashi, ta sayar da rabin garkenta, ta saro magunguna a Maraɗi.

Da ma'aikacin ofishin kiwo, Malam Iliyasu, ya zo, da murna ta sauko masa da takardar daga bangon shagon.

"Inna, wannan atastasiyon ce. Shaida ce cewa kin halarta."

"To ai na halarta, ɗana. Ni ke fara zuwa."

"Ba cewa ta yi kin iya ba. Ko da gyangyaɗi kika yi ma, za a ba ki."

"Danda da muka je tare ya yi gyangyaɗin, kuma ya samu," in ji ta. Aka yi dariya, ban da ni.

Na bi shi har bakin babur, na ce ya yi mini bayani. Difulom, lakwal, wato makarantar da gwamnati ta yarda da ita, ke bayarwa bayan dogon karatu da jarrabawa, kuma taka ce har ka mutu. Sartifika ta ƙwarewa, masu sana'a ke gwada ka a kan wani aiki guda, su shaida ka iya, wata ma sai an riƙa sabuntawa. Izinin aiki kuwa, wanda suke ce wa agirema, hukuma kaɗai ke ba da shi, tana iya karɓe abinta. Ko mai difulom bai buɗe shagon magani sai da shi.

Zalika ba ta kwanta ba. Yanzu tana rigakafin kaji ƙarƙashin wani likitan dabbobi mai izini, tana jiran kiran gwajin ƙwarewa. Za ta ci, na san hannunta. Shagon dai ya tafi.

Ban ga laifin Iliyasu ba, aikinsa ya yi. Ku masu poroje nake tuhuma. Ku zo kasuwar Kona ku faɗa da bakinku, da Hausa, abin da takardarku ta halatta da abin da ba ta halatta ba. Sannan ku mayar wa Zalika awakinta.