Wasiƙar Maman Tsofaffi zuwa shagon gadaje

Na fara ganinta ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, a shekarar da muka ƙara rumfar baya. Ni ne akawun shagon. Gadaje da katifu muke sayarwa, kuma duk takardar da ta shigo sai ta bi ta kan teburina in buga mata hatimi kafin ta kai ga Maigida. Teburin yana bayan wata babbar durowa, don haka ban ga shigowarta ba. Muryarta na ji tana ce wa mai shararmu, "Kawo tsintsiyar nan 'yar uwa, ai ƙarƙashin gadon ba ya sharuwa a tsaye." Ko da na leƙo, sai ga mace gajera kakkaura, mai kimanin shekara hamsin, ta durƙusa tana share mana shago, ambulan a hammatarta.

Maman Tsofaffi ake ce mata. Ta yi shekaru tana jinyar mahaifinta da ya shanye, bayan rasuwarsa kuma maƙwabta suka riƙa kiranta ta duba nasu. Daga nan ta tara mata bakwai, suka yi rajistar wata ƙaramar ƙungiya mai ɗaki ɗaya a bayan kantin magani. Gida-gida suke bi, su yi wa tsoho wanka, su juya shi, su canza masa shimfiɗa, iyalai su biya abin da ya sawwaƙa.

Na buɗe ambulan. Shafi huɗu ne, da rubutun hannu mai kyau. Shafin farko gaisuwa ce da addu'a ga Maigida da iyalinsa. Na biyu da na uku labarin tsofaffi ne, ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ba ta cin abinci sai an yi mata hira. Na huɗu godiya. Na karanta, na sake karantawa.

Na ce, "Mama, me kike so a yi miki?"

Ta ce, "Ai na rubuta."

"A ina?"

Ta karɓa ta duba, ta ɗora yatsa a kan wani layi can ƙasan shafi na uku: muna fatan ba za a manta da mu ba. Ta dube ni kamar mai cewa me ya rage kuma.

Sai da na ba ta kujera na bi ta da tambaya kafin maganar ta fito. Ciwon baya ne ke kashe ma'aikatanta. Ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake ɗaga mara lafiya, da ƙarfi kawai suke yi, kuma biyu sun riga sun ajiye aikin. Ta uku ita ce Doguwa, 'yar yayarta, wadda ke riƙe da gidaje mafi wuya. Mijin Doguwa ya ce ya gaji da shafa mata man zafi, in wata ya ƙare ba a sake salo ba ta zauna a gida. In Doguwa ta tafi, sai a sallami rabin tsofaffin. Akwai wani ma'aikacin asibiti a sashen motsa gaɓoɓi da ya yarda ya horar da su yini guda, amma an yi masa canjin wurin aiki, ƙarshen wata zai tashi. Suna buƙatar zaure, da gadon gwaji, da abincin rana, da ɗan abin mota na malamin.

Na ce, "To ai wannan ita ce wasiƙar. Me ya hana ki rubuta haka?"

Ta ce, "Haba Malam Akawu! In shigo gidan mutum ban san shi ba in ce ba ni kaza? Ni da bakina?"

Na gaya mata yadda Maigida yake. Sau ɗaya a wata yake duba irin waɗannan takardu, a tsaye, yana shan shayi. Shafin farko kawai yake karantawa. In bai ga wane ne, me ake so, yaushe, da abin da shago zai samu ba, sai ya kife ta ya ce, "Allah ya ba su." Ba rowa ba ce, takardun ne da yawa: 'yan ƙwallo, makarantu, masu gyaran kwalbati. Na ce ta koma ta rubuta shafi ɗaya a kan takarda mai ɗauke da sunan ƙungiya, ta sa ranar horon da yawan masu zuwa, ta jera kowace buƙata da kiyasinta, ta faɗi wadda take so mu ɗauka, ta sa hannu da lambar waya, ta haɗo kwafin takardar rajista.

Ta ce, "Abin da shago zai samu kuma fa? Mu me gare mu? Lada dai."

"Ladan yana nan. Amma za ku ba ma'aikatan takardar shaida ko? Ku sa sunan shago a ƙasa."

Ta dawo bayan kwana biyu da shafi ɗaya, an buga da na'ura. Rabinsa har yanzu gaisuwa ce. Muka yi ta ja-in-ja a kan layi-layi, ina sokewa tana cewa, "Wannan kam bar mini shi, rashin kunyar ta yi yawa." Muka shirya a kan gaisuwa layi biyu. Jimlar da ta fi ba ta wuya ita ce "muna roƙon ku ɗauki nauyin". Ta riƙe biro a kan jimlar ta daɗe, sannan ta ce, "Don Doguwa ne," ta sa hannu.

Ranar duba takardu ta zo da kanta, ta zauna a bakin wani gado tana gyara masa leda. Maigida ya karanta yana kurɓar shayi. Mutum ne mai ƙiba da son zolaya, amma a kan ciniki ba ya wasa.

Ya ce, "Baiwar Allah, wasiƙarki ta yi. Sai dai ni ba na ba da kuɗi a hannu. Ko ƙanina ne ya rubuto, kaya nake bayarwa. Tambayi akawu."

Na ce haka ne. Na riga na gaya mata, ta ce a gwada dai. Ta miƙe tana gyara mayafi, har ta fara jero godiyar tafiya. Na ga alamar wani ɓangare na ranta ma daɗi ya ji da aka hutar da ita.

Maigida bai ajiye takardar ba. Ya ce, "Tsaya. Mene ne wannan, hayar gadon asibiti guda biyu? Hayar zaure? Ke yanzu a kan me kike zaune?"

Ta dubi ƙarƙashinta.

Ya ce, "Gado ashirin a jere, ga fanka, ga fili, ranar hutunmu ba kowa sai ɓeraye. Kin zo shagon gadaje kina neman kuɗin hayar gado? Wannan ai zagi ne."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, malamin ne zai ce. Ban sani ba ko sai mai ɗagawa da hannu irin na asibiti."

Aka kira shi a waya nan take. Ya tambayi tsayin gadajen, na auno na gaya masa. Ya yi dariya ya ce da ma jerin da ya ba ta na asibiti ne, ya kwafo bai yi tunani ba. Tsofaffin nan a kan gadon gida suke kwance, gajere mai laushi, wani ma a jikin bango. In ya koya musu a gadon da ke tashi sama, washegari su je gida ba su same shi ba. Namu sun fi.

Maigida ya ɗauki zaure da gadaje da zannuwa, ya ce abincin rana zai fito daga wurin mai abincin da ke dafa wa ma'aikatanmu, motar shago kuma ta ɗauko malamin ta mayar. Sharaɗinsa biyu: kada a cire ledar katifu, kuma a bar masu dakonmu su zauna su saurara, don su ma kullum kukan baya suke. Na rubuta amsa a hukumance, na jera abin da muka ɗauka, ya sa hannu.

Ni na buɗe shago ranar horon. Muka tura gado ɗaya jikin bango, muka sauke katifa ɗaya ƙasa. Malamin ya fara da tsayuwa: a buɗe ƙafa, a lanƙwasa gwiwa, a matso da mutum kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu. Ya nuna yadda ake shimfiɗa zane a ƙarƙashin mara lafiya, mutum biyu su kama gefe-gefe su zame shi sama maimakon su ciccibe shi ta hammata. Sannan ya nemi wadda za ta zama tsohuwa. Matan suka haɗa baki suka ce Mama.

Ta ƙi, suka kama ta suka kwantar. Malamin ya ce ta saki jiki kamar wadda ba ta iya komai. Doguwa da wata suka kama zane, kafin su ja Mama ta dafa katifa ta tura kanta.

Malamin ya ce, "Mama, ke fa shanyayya ce."

"To ai na ga yaran za su wahala."

Doguwa ta ce, "Inna, don Allah ki mutu mana na minti ɗaya!"

Masu dako suka kwashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Sau uku ana yi tana taimakawa. A na huɗu malamin ya sa ta harɗe hannuwa a ƙirji ta rufe ido. Suka lanƙwasa gwiwa, suka ja tare, sai ga ta ta zame har kan matashi ba ko nishi. Doguwa ta miƙe tsaye, ta kai hannu ƙugunta inda ciwon ya saba kama ta.

Ta ce, "Shi ke nan? Duk shekarun nan?"

Mama ba ta tashi ba. Idonta a rufe ta ce, "Ku sake. Wallahi akwai daɗi."

Da yamma aka raba takardun shaida, sunan shago a ƙasa. Kafin mako ya zagayo ta kawo wasiƙar godiya da hotuna da sunayen waɗanda suka halarta. Wannan karon ban soke mata ko layi ɗaya ba, shafi uku ta yi, kuma Maigida ya karanta duka a zaune.

Doguwa ba ta bar aikin ba. Ɗaya daga cikin biyun da suka tafi ta dawo. Tun daga lokacin, kowace shekara ƙungiyar na rubuto wa shago, ana yin horon a ranar hutu, kuma Doguwa ce ke koyar da sababbi. Maman Tsofaffi ta ci gaba da shugabanci shekara tara, ma'aikatanta suka kai goma sha biyar, suka koma ofis mai ɗaki biyu. Da gwiwa ta matsa mata sai ta miƙa wa Doguwa ragamar, ta koma gidan babban ɗanta da ke bayan tashar mota. Tana nan da ranta, tana tafiya da sanda, kuma ɗaya daga cikin ma'aikatan ƙungiyar na zuwa duba ta safe da yamma.