Baitin da Malam Ya Soke

Jiya na ji yara suna bitar waƙar maraba da azumi, sai Kaka ta faɗo mini. Yau kusan shekara guda da rasuwarta.

Ita ta tsara waƙar da Islamiyyarmu ta Unguwar Hajji ta rera bara, ana saura kwana biyu a ga wata. Ba ta iya rubutu ba. Da taɓarya take auna baiti tana dakan geron kunu, ni ina rubutawa da ajami. In ɗango ya zarce bugun turmi sai ta ce, "Wannan gurgu ne, Ladidi, sake masa ƙafa."

Ni aka ba bayarwa, sauran yara amshi:

"Marhaban da azumi, babban baƙonmu,
Sauka lafiya, haskaka gidanmu."

Baitin ƙarshe, inda mai waƙa kan faɗi kansa, Malam ya soke shi. Ya ce, "Ba a ambaton matar kulle a taron maza. In kin faɗa, kin bar bayarwa."

Da na gaya wa Kaka, dariya ta yi. "Sun sha kunun, sa ƙi mai damawa?"

Ranar taron, bayan La'asar, na fara bayarwa ina kallon tabarma. Da na zo ƙarshe ban tsaya ba:

"Tammat, mai waƙar nan kakarmu,
'Yar Zoza, Allah jiƙan magabatanmu."

Yara suka amsa kafin Malam ya ɗaga hannu. Bana a layin baya nake, kuma ban yi nadama ba.

Allah ya shigar da ke ta ƙofar masu azumi, Kaka.