Wayar da Baba Tela Ya Ɗauka

Nas ake ce mata a layin, alhali ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba. Kwas ɗin kula da tsofaffi kawai ta yi. Baba Tela ne ya laƙaba mata sunan don tsokana, ya bi ta. Tun da idonsa ya tafi ita ke masa komai: ruwan wanka, yankan farce, magani, har faɗa idan ya ƙi cin abinci. Ɗansa da ke nesa shi ya ɗauke ta aiki.

Sai mahaifiyarta ta faɗi a can garinsu, ɓarin jiki ya shanye. Nas ta nemi aiki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da gida, ba ta gaya wa Baba ba. Wai sai ta sami bakin faɗa.

Jami'ar ɗaukar ma'aikata ta kira ta ofis, ta tura mata takarda. "Izininki muke nema. Za mu tantance takardar kwas ɗinki, mu duba ko kina da laifi a wurin 'yan sanda, mu tuntuɓi inda kike aiki. In ba ki sa hannu ba, ba za mu kira kowa ba, amma maganar aikin ta tsaya nan."

"A bar na ƙarshen mana, ranki ya daɗe."

"Tsofaffi za mu damƙa miki, 'yar'uwa. Ba ya baruwa."

Nas ta sa hannu, ta rubuta lambar ɗan Baba. A ganinta ta yi dabara. Ɗan kuwa, Allah ya shirye shi, da aka kira sai ya ce shi bai san aikinta ba, a tambayi tsohon, ga lamba.

Tana tsefe wa Baba gemu da rana wayarsa ta yi ƙara. Ita ta danna, ta sa masa a kunne kamar kullum. Muryar jami'ar ta fito tar.

Baba ya daɗe yana saurare. "Eh, a nan take," ya ce. "Hali? Faɗa gare ta kamar me, amma ban taɓa kwana da yunwa ko datti ba. Ku ɗauke ta. In kun bar ta kun yi asara."

Aka kashe wayar. Kunya da baƙin ciki suka rufe Nas, ta durƙusa tana kuka, tana ba shi labarin mahaifiyarta a guntule.

"Uwa ai ta fi ni," ya ce. "Abin da ya yi min ciwo, a bakin baƙuwa na ji."

Ya lalubi hannun kujera ya miƙe. Ta kai hannu za ta kama shi, ya janye.

"Bari, 'yata. Faɗa min ta ina ƙofar banɗakin take. Gara in fara koya tun kina nan."