Matar da Ta Kife Tukunya

Kakata, Iya Tabawa, ba ta iya tatsuniyar dariya ba. A gidanmu na Tudun Kaya, lokacin kaka, da an idar da magariba sai ta hura wutar kara a gindin rumbu, ta zuba mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Sauran tsofaffi Gizo da Ƙoƙi suke ba jikoki. Ita kuwa sai ta zaɓo wadda za ta sa ka kasa zagayawa bayan ɗaki kai kaɗai. Ni ce matsoraciyar gidan, ni ce kuma mai naci, shi ya sa take ce mini mai neman kuka da kuɗinta.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Hansai. Shekarata goma sa'ad da na ji ta. Iya ta gyara zama, ta ce mu matso, ga ta nan ta iso, kuma ba ta son a bar ta a tsaye.

Wai a wata ruga can wajen Rogo aka yi Hansai da mijinta Bawa, makiyayi, mutum mai kawaici. Ba su taɓa sa-in-sa ba. Sai ɗansu na fari ya rasu yana goye. Aka yi zaman makoki, aka watse, Hansai ta ga ɗakin ya yi mata ƙunci. Ko gaisuwar Bawa nauyi take mata, ba don ya yi laifi ba. Abin da take so kawai ta je gidansu ta yi kwana uku, ta yi kukanta inda ba mai kallon fuskarta. Amma kunya ta hana ta faɗa. Da ya kora shanu da safe, sai ta share ɗaki, ta kashe wutar murhu, ta wanke tukunyar tuwo ta kife, ta kama hanya.

A nan Iya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a ƙasar nan matar da za ta dawo rufe tukunya take yi, ta binne garwashi a toka. Mai yaji ce ke kifewa. Hansai tsafta ta yi nufi, amma Bawa da ya dawo ya ga murhu a sanyaye, sai ya karanta abin da kowa zai karanta. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana laluben laifinsa, bai samu ba. Bai san me zai aika a ce ba in an je biko, don haka bai aika ba.

"Gurbin da aka bari ba magana," in ji Iya, murya ƙasa-ƙasa, "akwai masu jiran sa."

Da almuru sai ga Hansai ta shigo da sallama, da zanenta, da tafiyarta. Ta buɗe tukunya, ta hura wuta. Bawa ya yi murna har bai lura wutar ba ta hayaƙi ba, bai kuma lura shanu sun koma ƙarshen garke sun juya wa ɗakin baya ba. Wannan Hansai ba ta kuka, ba ta gajiya, ba ta taɓa ambaton yaron ba.

Rana ta huɗu Hansai ta gaskiya ta dawo, zuciyarta ta yi sauƙi, da ƙullin daddawa daga uwarta. Ta tarar da kanta zaune a tabarmarta tana burga nono. Ta kira Bawa. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, sannan ya tambayi ta bakin ƙofa yaushe ta ce masa za ta dawo. Ta tsaya riƙe da ƙullinta. Ta cikin ɗakin ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, ita dai ba ta je ko'ina ba. Bawa ya saki asabari. Har yau, in ji Iya, masu dawowa daga kiwo kan ga wata mace tsaye a bayan danga da ƙulli a hannu, tana sallama, ba mai amsawa. Iya ta yar da karan da take tona wuta, ta ce ta ƙare, kan kusu ya ɗauki sauran.

Na yi kuka, na ce Bawa mugu ne. Iya ta ce ba mugu ba ne, makaho aka mai da shi. Ta ce neman shan iska ba laifi ba ne, ita ma ta nema a zamaninta, amma mai tafiya shi ke da alhakin barin magana a bayansa.

Shekara goma sha huɗu bayan haka ina aure a unguwar Daura, cikin Karaye. Mijina Sabi'u kafinta ne. Na yi ɓari na biyu, ya shiga lallashina ba dare ba rana, har na ji lallashin na shaƙe ni. Wata safiya na tsinci kaina da gyale a hannu, shi yana wurin aiki. Wallahi tsoro ne ya mayar da ni ciki, tsoron nan na yarinta.

Ban faɗa masa ranar ba, don raina a dagule yake, kuma abin da aka faɗa cikin ɗaci kama yake da sallama. Na bari sai washegari, ya ci abinci ya natsu. Na fara da abin da na san zai fi tsorata shi.

"Malam, ba yaji zan yi ba, ba ka yi mini komai ba, ina son aurena. Zuciyata ce ta gaji. Ina roƙon ka bar ni in je Tudun Kaya gobe Litinin, in dawo Alhamis kafin la'asar."

Ya ture kwanon abincin gefe. Na so in ƙara da dalilai, na danne, don na san in na fara jero su za su koma ƙorafi. Da ya tambaya ko ya gundure ni ne, na ce a'a, na kuma faɗa masa gaskiya cewa a gabansa ina ƙoƙarin nuna na warke, ƙoƙarin ke cinye ni. Ya tambaya ko zai iya zuwa. Na ce ya bari, amma in wani abu ya taso ya aiko direban motar garinmu, ni ma haka. Shi ya kawo shawarar ya raka ni tasha da kansa, da goro a kai wa Baba, don kada maƙwabta ko iyayena su zaci biko ake jira.

Kwana ukun nan barci na yi, na yi kuka, na zauna a ɗakin Iya, wadda ta riga mu gidan gaskiya. Ranar Alhamis aka tashi da ruwa. Innata ta ce in ƙara kwana, ai miji ba ya guduwa. Na so ƙwarai. Amma rana ɗaya na ba shi ya riƙe, ba ni da ikon karɓe ta.

Motarmu ta maƙale a taɓo sau biyu, muka shiga Karaye ana kiran la'asar. Na tarar da Sabi'u a tasha, rakuɓe a rumfar mai rake, rigarsa sharkaf. Mai raken ya ce mini tun hantsi yake nan, ya leƙa kowace mota. Sai a hanyar gida Sabi'u ya gaya mini abin da bai taɓa faɗa ba: yana ɗan shekara shida uwarsa ta ce za ta je gida ta dawo, ba ta faɗi rana ba, bai sake ganin ta ba.

Da ina yarinya Hansai nake tausayi, ita da aka rufe wa ƙofa. Ban taɓa tunanin wanda ake bari a ciki ba, sai da na ga yadda Sabi'u ya ƙanƙame jakata sa'ad da ya karɓe ta.