Lambar da Na Rubuta a Ƙofofin Mutane

Shekarar da wayar hannu ta iso Keffi ina walda a Angwan Iya. Abuja ta cika ta tumbatsa, ma'aikata suna ta sayen filaye ta wajenmu, kuma duk wanda ya ja katanga sai ya nemi ƙofar ƙarfe. Na sayar da babur ɗina na sayi waya da layi. Duk ƙofar da na ƙera, sai in rubuta lambata da farin fenti a ƙasanta. Mai wucewa ya ga aiki ya burge shi, ya kira. Lambar nan ita ce shagona na gaskiya, rumfar kwanon da nake zama wurin aiki ce kawai.

Layina na kati ne. Ka saya, ka kankare, ka loda, a ba ka kuɗin kira da 'yan kwanaki. Maƙwabcina, wani Ibo mai sayar da kayan mota, nasa na biyan wata ne. Ya ajiye kuɗi a ofishin kamfanin waya na Abuja, suka yanka masa iyakar abin da zai kira, ƙarshen wata su aiko da bil. In ya kai iyakar kafin wata ya ƙare, su toshe masa kira har ya biya, amma ana samunsa. Ya sha ce mini, “Malam, koma irin nawa. Ba ruwanka da ƙirga kwana.” Ni kuwa in ce, “Oga, in yi hira yau a zo min da takarda gobe? Allah ya kiyaye!” Har dariya nake masa ranar da suka toshe shi yana tsakiyar ciniki.

Da damina ta kama, Baba ya faɗi ya karye a ƙugu. Ni ne babba, dole na tafi ƙauyenmu can hanyar Nasarawa in riƙe gona. Babu sabis a can. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce: na sayi kati mafi tsada na loda, na kashe wayar, na naɗe ta a tsumma na kulle a akwati. A tunanina kuɗin waya kamar dawa ne a rumbu, in ba ka taɓa ba yana nan. Na san kati yana da kwanaki, amma na zaci in sun ƙare kira kawai ake hana ka har ka sake lodawa. Wa zai yanke wa mutum layi da kuɗinsa a ciki?

Jinyar Baba ta ja, ban dawo ba sai bayan girbi. Na kunna waya, ko sanda ɗaya ta sabis babu. Na sayi kati, ya ƙi shiga. Na hau mota har ofishin kamfanin a Abuja, na yini a layi. Wata yarinya a bayan gilashi ta yi mini bayani tana duban farcenta. Kwanakin katina sun ƙare, suka hana ni kira. Suka bar mini wa'adin amsa kira, ban loda ba, shi ma ya wuce. Suka rufe layin, kuɗin ciki ya bi ruwa. Da ya daɗe a rufe, lambar ta koma kasuwa, wani ya saya.

Na ce, “Hajiya, kuɗina fa? Ko sisi ban taɓa ba!”

Ta ce, “Oga, yana rubuce a bayan katin. Na gaba!”

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na sayi sabon layi, na bi ƙofofin da na iya tunawa da gwangwanin fenti. Wasu suka bar ni na gyara, wasu masu gadi suka kore ni. Yawancinsu ma ban san inda masu kwangila suka kai su ba. Wata biyu ina zaune, sai facin tukunya da ƙafar kujera. Maƙwabcina Ibon nan bai taɓa ce mini “na gaya maka” ba, kuma hakan ya fi ci mini rai.

Rannan na daure na kira tsohuwar lambata. Wani mutum ya ɗauka, muryarsa a sake, ya ce yana Abuja. Kafin in gama sallama ya ce, “Ƙofa ce? Faɗi tsawo da faɗi.” Na tambaye shi ko shi mai walda ne. Ya yi dariya, ya ce ina, shi dillalin filaye ne. Tun da ya sayi layin ake damunsa da zancen ƙofa, sai ya samu wasu masu walda yana tura musu aikin, yana cire nasa.

Na ce, “Alhaji, ƙofofin nan ni na ƙera su. Lambar tawa ce.”

Ya ce, “Ayya, da taka ce. Ni ma da kuɗina na saya. Amma hannunka na da kyau, kowa na yabawa. Ba ni lambarka, in aiki ya yi wa yarana yawa zan neme ka.”

Ina da mata da 'ya'ya uku, ga Baba a kwance. Na karanta masa ita a hankali, har sau biyu, don kada ya yi kuskure.