Sakan Goma Sha Biyu na Goggo Safiyyatu

Igiya bakwai ce a tsakar gidan Goggo Safiyyatu a Kagarawal, kowace shanye da taliyar murji. Da injin hannu take yi, mudu shida na fulawa kullum, ta gama kafin azahar. A unguwar aka haife ta, aure ya kai ta wani ƙauye kusa da Buni Yadi, ta yi shekara ashirin da ɗaya a can. A 2014 ta dawo, kwana uku a ƙafa, sauran hanyar a bayan motar gawayi. Mijinta bai fita daga ƙauyen da rai ba. Ɗanta na fari, mai shekara goma sha tara, ya kai awaki kasuwa a ranar da 'yan bindiga suka shigo musu, kuma tun daga nan babu wanda ya kawo mata labarinsa.

Ni da ƙawata Edna muna da fodkas, shirin murya da muke ɗorawa a intanet duk mako biyu, muna hira da mutanen Gombe kan sana'arsu. Ni ke yin tambayoyi, Edna ke yanka sauti a kwamfutarta a Tumfure. A 2021 na je wajen Goggo don hirar taliya. Na saita waya, sai ta ce, "'Yata, abin nan naku yana kaiwa garuruwa?"

Na ce yana kaiwa duk inda waya take.

"To bar zancen taliya. Ki taya ni cigiya."

Minti hamsin da biyu muka ɗauka. Washegari na hau keke napep zuwa Tumfure da gabatarwata a rubuce: sallama, barka da war haka, sunan shiri, sunana, sunan Edna, godiya ga masu bibiyarmu, sannan kiɗan buɗewa. Edna ta danna agogo ina karantawa.

"Sakan arba'in da takwas," ta ce. "Hajiya rediyo! Saura ki gaida hakimi."

Ta buɗe mini shafin da ke nuna yadda aka saurari shirinmu na baya. Layin ya tashi daga sama, ya gangaro kamar an tura shi rami. A cikin kowane mutum goma da suka danna, kusan rabi sun tafi kafin mu gama gaisuwa. A da ba ma damuwa, wanda ya zauna ya zauna. Wannan karon wanda ya tafi zai iya zama maƙwabcin ɗan Goggo. Sakan goma sha biyar muke da shi, kalma talatin da 'yan kai. Kuma wannan guntun ne za mu yanka mu watsa a WhatsApp, shi direbobi da 'yan kasuwa za su ji.

Edna ta ce mu buɗe da muryar Goggo kafin kiɗa, kafin komai. Muka lalubo wurin da ta ba da labarin ranar harin, sakan goma sha huɗu cif. Yana kama mutum, babu musu. Amma da muka sake ji, Edna ta cire abin kunnenta.

"Wannan labarin mutum dubu ne. Wa zai gane wa ake nema? Ina sunansa?"

Muka bi hirar daga farko har ƙarshe ina yin zane a takarda. Goggo ta ce "shi" sau ɗari da talatin da ɗaya. Ta ce "Babba" sau goma sha tara. Sunansa na yanka, ko sau ɗaya. Sai a lokacin na dafe kai. Ɗan fari ne. Kunyar ɗan fari ba ta barin irin su Goggo su kama sunansa, kuma ni da na tashi ina ganin haka a gidanmu ban lura ba.

"Ki faɗa da bakinki mana," in ji Edna.

Na yi tunanin hakan. Sai dai kuma, idan an gaya masa uwarsa ta rasu, muryar wata baƙuwa ba za ta sa ya kira ba. An sha yaudarar masu cigiya a waya. Muryarta zai yarda da ita.

Na koma Kagarawal da hantsi, na same ta tana juya injin. Na yi mata bayanin sakan goma sha biyar. Ta yi dariya har ta saki hannun injin.

"Mutanen yanzu! Ko ina kwana ba za su jira ba?"

"Ba sa jira, Goggo."

"To ki faɗa musu yana da tabo a gira ta hagu."

"Zan faɗa. Amma sunansa nake so, kuma daga bakinki."

Ta kawar da kai. Ta ce wata maƙwabciya za ta iya gaya mini, ita ma maƙwabciyar a takardar asibiti ta ga sunan. Ta ce ko ranar suna da aka raɗa shi, ɗaki ta shige. Ta ce me mutane za su ce, tsohuwa ta zubar da kunya a waya duniya na ji. Ban matsa ba. Na karɓi injin na murza mata, na ɓata kwaɓi biyu, ta ce in tashi kafin in ƙarar mata da fulawa.

Bayan ta cika igiya ta biyar ta wanke hannu, ta shiga ɗaki, ta rufe taga saboda ƙarar injin markaɗe na maƙwabta. "Kunna abin," ta ce. "Amma ki juya baya."

Na ajiye wayar kamu ɗaya daga bakinta, na fuskanci bango. Ga abin da ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba:

"Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Shekara ashirin da shida. Yau zan kira. Sa'idu. Sa'idu na Malam Joda. Innarka ce. Ina Gombe, ina raye."

Sakan goma sha biyu. A tsakiya akwai shiru na sakan biyu kafin sunan, na ce wa Edna ta yanke don mu ƙara tabon gira. Ta ce in na taɓa shirun nan, ni da ita mun ɓata. Da shi muka buɗe. Kiɗa ya biyo, sannan na yi sallama a taƙaice, na faɗi tabon da lambar wayata. A guntun WhatsApp mun rubuta lambar a jikin hoton taliyarta. Kashi tamanin da uku cikin ɗari na waɗanda suka danna shirin sun wuce minti na farko. Ba mu taɓa ganin haka ba.

Kira ashirin da shida na samu a mako uku. Yawancinsu addu'a ne. Huɗu wasu iyaye ne masu son mu yi musu irin nata, na rubuta sunayensu. Biyu wasu Sa'idun ne daban. Na rana ta goma sha shida daga Lafiya ya zo, wani mai lodin doya a tasha. Ya ce wani direba ne ya kunna masa. Ya ce a Damaturu aka shaida masa iyayensa duka sun rasu, shi ya sa bai nufi Gombe ba. Na tambaye shi sunan ƙauyen, ya faɗa. Na tambayi awaki nawa ya kai kasuwa, ya ce uku, ɗaya gurguwa. Ba mu saka wannan a shirin ba.

Na hau keke ba tare da na yi ciniki ba. Na samu Goggo da kwaɓi a hannu, na kira lambar, na kara mata wayar a kunne. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Inna? Inna?"

Ta zauna a kan turmi.

"Babba," ta ce, "kana cin abinci kuwa?"