Lambar da Ta Faɗa kan Wayar Gwaggo

A shekarar da na gama jami'a ina zaune gida ina jiran a kira mu bautar ƙasa, ni aka ɗora wa kula da rautar gidanmu a Kusfa, wato na'urar da ke raba wa wayoyi intanet ta wayfai. Ba wani zama aka yi aka naɗa ni ba. Na karanta kwamfuta, shi ke nan, don haka duk wanda wayarsa ta ƙi buɗe wani abu ƙofar ɗakina yake zuwa. Rautar irin mai cin layin waya ce, mun ajiye ta a tagar soron sama, domin katangun gidanmu na ƙasa ne masu kauri, sabis ba ya shiga ɗakunan ciki sai da ƙyar. Wayoyi wajen goma sha biyu ke shan ta, in ban yi kuskuren ƙirga ba.

A lokacin ina buga wani wasan ƙwallo a kwamfuta, kuma ba abin da nake faɗa da ƙarfi ba ne a gida irin namu. Wani abokina da ke Kongo ya haɗa mu gasa ranar Asabar, kowa daga gidansa. Ranar Litinin na kunna wasan, ya ce sai na sauke sabon gyara kafin ya bar ni in shiga, wajen giga arba'in. Na danna. Da farko ya nuna awa talatin. Da aka yi la'asar mutanen gida suka zauna da wayoyinsu, sai ya koma kwana shida, can ya ce kwana tara, can kuma ya daina faɗin komai.

Na shiga shafin rautar na duba. Kowace waya tana da lambar adireshi da rautar ke ba ta, kuma a gefe ana ganin abin da take ja da abin da take turawa. Mai lamba ɗari da huɗu a ƙarshe ita ce ta fi kowa, wayar ƙanina ce. Tela ne, yana da keke a zaure, kuma duk rigar da ya gama sai ya ɗauke ta bidiyo ya tura wa masu kaya, sannan wayar ta kwashe bidiyoyin ta ajiye masa a intanet da kanta. Hanyar turawa a layi irin namu siririya ce. Idan ta cika, har saukewa ma raguwa take yi, domin kwamfutata tana buƙatar aika ƴan saƙonnin cewa ta karɓi abin da aka turo, su kuma sai sun bi layi a bayan rigunansa.

Na fara yi masa magana, wannan kam na yi.

"Don Allah ka dakata da tura bidiyo zuwa Asabar."

Bai ɗago daga keken ba. "Yaya, ni sana'a nake yi. Kai kuma ƙwallon da babu gumi."

"Kwana huɗu ne kawai."

"To ka faɗa wa Baba dalili, in ya ce in daina sai in daina."

Ya san ba zan faɗa ba.

Ranar Talata na buɗe sashen da ake iyakance gudun kowace na'ura. Na daɗe ina kallonsa. Har takarda na ɗauko na yi rabo, don in gamsar da kaina cewa ba zalunci nake yi ba. Kowa na bar masa abin da zai ishe shi saƙo da kira. Lamba ɗari da huɗu kaɗai na matse ƙwarai, na ba ta kilobit sittin da huɗu hawa da sauka, wanda rubutu zai wuce amma bidiyo sai dai ya yi rarrafe. Na ce wa kaina zuwa Asabar ne, kuma ban faɗa wa kowa ba. Saukewar ta ɗan ƙara gudu. Ba kamar yadda na zata ba, gaskiya, domin da yamma layin kansa ne ke yin nauyi a unguwar gaba ɗaya, rauta kuwa rabo kawai take iya yi, ba ta ƙara abin da ya shigo.

Abin da ban yi ba shi ne ɗaure kowace lamba ga wayarta. Na san ana yi, mun karanta shi. Dokar da na kafa a kan lamba take, lambar kuma aro ce. Ranar Laraba da hantsi aka ɗauke wuta, rautar ta mutu, ba a dawo da ita ba sai bayan azahar. Rautarmu ba ta riƙe wa ta ba wace lamba idan ta mutu. Ƙanina yana kasuwa sayen zare a lokacin, wayoyin da ke gida suka rarraba lambobin a tsakaninsu. Ni dai na ga saukewa ta ci gaba, ban ƙara dubawa ba.

Gwaggo yayar Babanmu ce, ta dawo gidan tun rasuwar mijinta. Ta haura saba'in. Tana da karatu tun na allo, amma a shekarun nan ta ƙudurta sai ta gyara shi da tajwidi tun daga farko, kuma ƴarta, wadda muke kira Yaya Malama, ita ke ɗora mata. Yaya Malama tana aure a nesa, don haka kullum bayan la'asar Gwaggo za ta shimfiɗa darduma a bakin ƙofarta, ta jingina waya da gwangwanin turare, su yi kiran bidiyo. Bidiyo dole ne, domin Yaya Malama sai ta ga bakinta kafin ta yarda harafi ya fita daga inda ya kamata. Shekara biyu suna haka. Izu uku ya rage mata.

Na ji karatun Laraba daga ɗakina, sama-sama. Na ji Yaya Malama tana cewa, "Sake, Inna, ban ji ƙarshen ba." Na ji Gwaggo ta sake. Na ji an ƙara cewa ta sake. Ban kawo komai a raina ba, idona yana kan layin da ke cika a allon kwamfuta. Ranar Alhamis ƙanina ya wuce ni a tsakar gida yana cewa wayfai ya warke, jiya da safe ne kawai ya yi masa gardama. Ya kamata wannan maganar ta tsayar da ni. Sai na ɗauka ko ya rage tura bidiyon ne shi ya sa bai ji matsin ba.

Ranar Juma'a da yamma Gwaggo ta kira ni. Na same ta ta rufe Alƙur'anin ta mayar cikin jakarsa tun lokaci bai yi ba.

"Injiniya," haka take tsokanata, "zo ka nuna mini yadda ake kashe ƙararrawar wayar nan ta karatun la'asar."

"Me ya faru, Gwaggo?"

"Na ajiye. Kwana uku ke nan aya ɗaya muke maimaitawa. Ta ce ina cinye ƙarshen kalma, ta ce bakina yana tsayawa. Ni a kunnena daidai nake yi, to ka ga abin ya kai inda ba na jin kaina ke nan." Ta taɓa leɓenta. "Tun da haƙoran nan biyu suka fita na san za a zo nan. Kada in je ina ɓata karatu ina zaton lada nake samu."

"Ita Yayar ba ta ce sabis ba ne?"

"Ta ce wataƙila. Ai kara take yi mini. Shekara biyu a wurin nan nake zama, sabis bai taɓa cin harafi ba sai yanzu? Ga ƙaninka can yana ta kallo a tasa lafiya lau."

Na karɓi wayar kamar zan kashe ƙararrawar, na shiga bayanin wayfai. Ɗari da huɗu. Na tsaya ina kallon lambar. A wannan gudun hoto daskarewa yake, murya ta dinga yankewa, kuma ƙarshen kalma da ake ja shi ne mai sauƙin ɓacewa.

Zan iya hawa sama in goge dokar a minti ɗaya, gobe karatu ya tafi daidai, kowa ya ce sabis ne ya dawo. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Amma ta riga ta ce ta ajiye, kuma in ban faɗa ba babu goben da za ta gwada. Ko ta gwada ma, za ta ci gaba da zargin bakinta.

Na durƙusa na faɗa mata. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo lamba, na kawo wuta, na kawo zare. Ta bar ni har na gaji.

"Tsaya. Kai ka matse?"

"Ni ne. Amma ba ke na nufa ba, ƙanina na nufa."

"Au, shi ɗin ba mutum ba ne?"

Ba ta jira amsata ba.

"Kuma saboda me?"

"Wani wasa nake saukewa."

"Wasa." Ta daɗe tana dubana. Na zata faɗa za ta yi. Sai ta ce, a hankali, "Ke nan bakina lafiyarsa ƙalau?"

"Ina kyautata zaton haka, Gwaggo."

"Kai dai ba ka taɓa cewa e ba tunda aka haife ka. Je ka kwance."

Na hau na goge dokar, na dakatar da saukewar gaba ɗaya. Saura giga goma sha ɗaya. Na sauko na kira mata Yaya Malama, na yi bayani a gabanta, ita ma ta ce mini abin da ta ce, ban musa ba. Gwaggo ta ciro Alƙur'anin ta karanta ayar nan. Ta kai ƙarshenta. Yaya Malama ta ce, "Ci gaba, Inna." Gwaggo ta ɗaga ido daga shafin ta dubi wayar, kamar tana jiran a ce ta sake, sannan ta ci gaba.

Washegari da safe na tara wayoyin gida ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure kowace da lambarta, na rubuta sunan mai ita a gefe. Wayoyin da ke sauya shaidarsu da kansu na kashe musu wannan a wayfai na gida, don kada rabon ya sake rikicewa. Wayar Gwaggo na sa ta a gaban kowa. Na faɗa wa ƙanina abin da na yi masa ranar Talata. Ya yi dariya har ya saki almakashi, ya ce ashe shi ya sa wani Alhaji ya yi ta jiran bidiyon babbar rigarsa. Muka yi yarjejeniya, ajiyar bidiyonsa ta koma da safe, ni kuma ba na sauke komai daga la'asar zuwa magariba.

Gasar ta wuce ba ni. Abokina ya kira yana tambaya, na ce masa layi ne, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Wasan ya gama sauka ranar Litinin.

Gwaggo ta kai ƙarshen izu ukun bayan wata biyar, ina sansanin bautar ƙasa a lokacin. Kafin in tafi, kusan kullum in za ta fara sai ta ɗaga murya daga bakin ƙofarta ta ce, "Injiniya, an kwance?" In ce an kwance. Duk da haka sai na hau na duba.